Fim ɗin biki: fayilolin da zan kawo muku da nauyin kowane ɗaya

Assalamu alaikum Alhaji, barkanku da war haka. Ina gajiyar biki? Allah ya ba amarya da ango zaman lafiya da zuriya ta gari. Aikin haɗa fim ya kusa kammala, tsawonsa ya tsaya a awa ɗaya da rabi. Kafin in fitar da shi daga kwamfuta ina so ku san abin da zai zo hannunku, domin ba fayil ɗaya zan kawo ba, kuma nauyinsu ya sha bamban ƙwarai. Na tattara tambayoyin da kuka yi mini ta waya, da waɗanda Hajiya ta aiko, da wasu da na san za su taso idan kaya sun iso Tawa, na amsa su a wuri ɗaya don ku riƙa komawa kansu.

Me za a kawo mana takamaimai?

Kile biyu, kowace mai jiga 16. Ɗaya zan manna mata farar takarda in rubuta "ajiya", ɗayar in rubuta "tele".

A kilen ajiya akwai cikakken fim a fayil ɗaya, mai nauyin kusan jiga 7. Shi ne uwar aikin, daga gare shi ake cire duk wani kwafi nan gaba. Tare da shi akwai kwafin waya, wato fim ɗin nan dai daga farko har ƙarshe amma an rage masa nauyi zuwa kamar jiga 1 da rabi. Sai taƙaitaccen fim na minti 5, wanda zan yi kashi biyu: mai kyau na mega 300, da mara nauyi na mega 60 don aikawa mutane. Na ƙarshe su ne guntaye biyar na daƙiƙa 30, a tsaye yadda ake riƙe waya, kowane kamar mega 15.

A kilen tele kuwa fim ɗin ne a yanke gida uku: ƙunshi da wankan amarya minti 20, ɗaurin aure minti 25, walima da kai amarya minti 45. Nauyinsu jiga 1 da rabi, kusan jiga 2, da kuma jiga 3 da rabi. Kyawun hotonsu daidai yake da na cikakken fim, ban rage komai ba, yankawa kawai na yi. Dalilin yankawar yana zuwa a ƙasa.

Idan wayarku ko kwamfutarku da Faransanci take, za ku ga `Go` da `Mo` a inda wasu ke ganin `GB` da `MB`, wato jiga da mega. Abu ɗaya ne.

Wane irin fayil ne? Zai buɗe a kowace na'ura?

Duka sunayensu za su ƙare da `.mp4`, hoton ciki an matse shi da tsarin `H.264`, sautin kuma da `AAC`. Na zaɓi wannan haɗin ne saboda shi ne wanda kusan kowace waya, kowace kwamfuta da kowace tele mai ramin kile ke karantawa ba tare da an saka mata wani abu ba. Girman hoton cikakken fim `1920×1080` ne, hoto 25 a kowace daƙiƙa. Kwafin waya `1280×720` ne, guntayen tsaye kuma `1080×1920`.

Akwai sabon tsari mai suna `H.265` wanda ke iya ba da kyawun hoto makamancin wannan da nauyin da ya yi ƙasa sosai, wani lokaci har kusan rabi. Da gidanku kaɗai za a kalla, kuma na san telenku sabuwa ce, da shi zan yi. Amma fim ɗin biki yawo yake yi. Zai je gidan kakar amarya, zai je ƙauye, zai shiga tsofaffin wayoyi. Tele da yawa da aka saya shekarun baya ba su san `H.265` ba, kuma abin da ke rikita mutane shi ne sunan fayil ɗin ma da `.mp4` yake ƙarewa, sai a saka a ji murya tana tashi allo kuwa baƙi ƙirin, ko tele ta ce ba ta gane fayil ba. Gara in ba ku mai ɗan nauyi wanda zai buɗe ko'ina.

Me ya sa fim na awa ɗaya da rabi ya kai jiga 7, alhali akwai finafinai masu wannan tsawo a wayata da ba su kai jiga ɗaya ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi dacewa a tsaya a kanta, don idan kun gane ta, sauran duk za su zo da sauƙi.

Nauyin bidiyo abu biyu ke kawo shi: tsawonsa, da yawan bayanan da aka ba kowace daƙiƙa ta hoto. Wannan na biyun ana auna shi da `Mbps`, kuma ni nake zaɓar adadinsa lokacin fitar da fim. Lissafin ba shi da wuya:

```
Mbps × minti × 7.5 = MB
```

Cikakken fim ɗinku na sa shi a 10. To 10 sau minti 90 sau 7.5 ya ba da mega 6,750. Sauti ya ƙara kamar mega 130, jimla ta kusa jiga 7. Kwafin waya na sa shi a 2, sai ya ba da mega 1,350, da sauti ya haura 1,400. Tsawonsu ɗaya, abin da ke ciki ɗaya, amma ɗaya ya ninka ɗaya kusan sau biyar.

Ina bambancin yake fitowa? A wurin da abu ke motsi ko yake da ƙananan zane. Lokacin ɗaurin aure, liman yana zaune, jama'a na zaune, kamera a kafe, hoton wannan daƙiƙa kusan shi ne na wadda ta wuce, don haka ko an matse shi sosai ba ya nunawa. Amma ku tuna daren kai amarya: mata na rawa, ana liƙi, ƙura ta tashi, fitilun mota na haskawa suna ɗaukewa, kowa sanye da leshi da shadda mai ƙyalli. A irin wannan wuri kowane hoto daban yake da na bayansa, kuma idan bayanan da aka ba shi sun yi kaɗan, sai fuskoki su narke, aikin wuyan riga ya zama dabbare-dabbare, duhun da ke bayan mutane ya farfashe zuwa ƙananan murabba'ai masu rawa. Akwai wurin da na matso da kamera kan hannun amarya, zanen lalle ya fito layi-layi har da siririn da ya zagaye yatsa. A cikakken fim za ku ga kowane layi a babbar tele. A kwafin waya, idan kun kalla a waya zai yi kyau, amma idan kun saka shi a tele mai faɗi za ku ga layukan sun haɗe.

Finafinan da ke wayarku an matse su ne don ƙaramin allo, kuma yawancinsu an ɗauke su da hasken da aka shirya. Biki ba a shirya masa haske, yadda ya zo haka muke ɗauka, shi ya sa yake buƙatar fili.

To me ya hana a ƙara, a sa shi a 30 ko 50 don ya fi kyau?

Akwai inda ƙari ke daina amfani. A wannan girman hoto, daga 2 zuwa 10 ido na ganin bambanci sarai. Daga 10 zuwa 30 kuwa sai wanda ya tsayar da hoto ya matso kusa da allo, nauyi kuma ya tashi zuwa jiga 20, wasu telen ma su fara sarƙewa. YouTube da kansa 8 yake ba da shawara ga hoto mai wannan girma da wannan gudu. Na ɗan ɗara ne saboda wuraren dare.

Me ya sa kile biyu? Ba za a zuba komai a guda ba?

Saboda kile tana da tsarin da ake shimfiɗa mata kafin ta karɓi kaya, kuma tsare-tsaren ba ɗaya ba ne. Tsohon tsari, `FAT32`, shi ne wanda kusan kowace tele da rediyon mota mai ramin kile ke karantawa, amma yana da iyaka guda da ba ta da magani: ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai jiga 4. Ko kilen tana da sarari na jiga 30 babu komai a ciki, idan kuka tura mata fayil mai jiga 7 kwamfuta za ta ce ya yi girma. Mutane da yawa sukan ɗauka kilen ce ta lalace, alhali lafiyarta lau.

Sabon tsari, `exFAT`, ba shi da wannan iyaka, amma tsofaffin tele da dama ba sa ganinsa. Za a soka kile, tele ta yi kamar ba a saka komai ba.

Don haka na raba. Kilen ajiya tana kan `exFAT`, tana ɗauke da cikakken fim a dunƙule, don kwamfuta da sababbin tele. Kilen tele tana kan `FAT32`, da fim a yanke yadda babu yankin da ya kai jiga 4. A ma'aunin da na fitar da shi, minti 50 da ƴan kai ne ke cika jiga 4, shi ya sa yanki mafi tsawo na tsayar da shi a minti 45. Na kuma yanka a inda taro ɗaya ya ƙare wani ya fara, don kada hoto ya katse ana tsakiyar addu'a. Sunayen za su fara da lamba don tele ta jera su daidai:

```
01_kunshi.mp4
02_daurin_aure.mp4
03_kai_amarya.mp4
```

Da gangan ban sa ƙ da ɗ a sunayen ba, don wasu telen ba sa iya nuna su, sai su fito da alamomin da ba a gane ba.

Idan kuna son sanin tsarin wata kile da kuke da ita, ku saka ta a kwamfuta, ku danna mata dama, ku shiga `Propriétés`, za a rubuta. Roƙona ɗaya: kada wani ya danna `Formater` a kan kilen da na kawo da nufin sauya mata tsari. Wannan yana share duk abin da ke ciki.

An rubuta 16 a jikin kile, kwamfuta kuma ta nuna 14 da wani abu. An ci mu ne?

A'a. Masu ƙera kile da dubu-dubu suke ƙirga, Windows kuma da 1,024. Shi ya sa mai 16 take nuna ƙasa da 15, mai 32 take nuna 29 da ɗan abu. Haka ma fim ɗin: na ce kusan jiga 7, Windows zai nuna muku kamar 6.4. Babu abin da ya ɓace.

Za a iya turo mana ta WhatsApp kawai? Ƴan uwa na Abijan da Libiya suna ta tambaya.

Za a iya, amma a san wanda ake turawa da yadda ake tura shi.

Idan aka ɗauko bidiyo daga `Galerie` aka tura, WhatsApp yana sake matse shi kafin ya tafi, yana rage girman hoto da yawan bayanansa. Idan wanda ya karɓa ya ajiye shi a waya, ya gyara ko ya ɗora a wani wuri, aka sake saukewa aka sake turawa, kowane zagaye yana cin wani abu, kamar fotokwafin da aka yi daga fotokwafi. Na sha ganin aikin da na kwana a kansa ya dawo mini daga hannu na huɗu, fuskar amarya ba a gane ta, kuma wannan ne mutane za su ce shi ne aikin. Abin yana damuna, saboda ku ma ba abin da kuka biya ke nan ba.

Hanyar da ta fi ita ce a tura a matsayin `Document`. A danna alamar maƙala abu, a zaɓi `Document`, a nemo fayil ɗin. Ta nan WhatsApp ba ya taɓa shi, yadda ya tashi haka zai sauka, kuma yana karɓar har jiga 2. Wannan iyakar ce ta sa na tsayar da kwafin waya a jiga 1 da rabi. Cikakken fim mai jiga 7 ba zai bi ta nan ba ko kaɗan.

Sai dai ku duba halin wanda ake turawa. Jiga 1 da rabi forfe ne mai yawa, kuma kowa da nasa zai sauke. Idan rezo yana ba da 4 a ma'aunin `Mbps`, saukewar za ta ci wajen minti 50, in bai yanke ba. Shawarata a fara tura wa kowa taƙaitaccen nan mai mega 60, wanda ke sauka cikin ƴan mintoci. Wanda ya ce yana son duka, kuma yana da wifi ko isasshen forfe da fili a waya, sai a tura masa kwafin waya. Guntayen tsaye kuma na ƴan mata ne da ke son ɗorawa a `Statut`. Na yi su gajeru don kada a yanke su.

Imel kuwa a bar shi. Gmail mega 25 kawai yake bari a maƙala.

Idan wani yana can waje kuma yana son cikakken mai kyau fa?

Sai in ɗora shi a Google Drive in ba ku mahaɗin. Asusun kyauta jiga 15 ne, kuma a ciki ake lissafa imel da hotunan mai asusun, don haka ba zan iya barin fim mai jiga 7 a can har abada ba. Zan bar shi wata ɗaya. Wanda zai sauke ya nemi wifi mai ƙarfi, don a gudun da na ambata ɗazu zai kusa awa huɗu. Ya kuma sauke shi gaba ɗaya kafin ya yanke hukunci kan kyawunsa, saboda wanda ake kallo kai tsaye a cikin Drive kwafi ne da aka rage. Ku tuna kuma duk wanda ya samu mahaɗin zai iya gani. Akwai wuraren mata a fim ɗin nan, musamman ƙunshi, don haka ku da Hajiya ku yanke waɗanda za a ba.

Ba 4K ake yayi ba yanzu?

Ana yi, kuma hotonsa ya ninka wannan sau huɗu a yawan ɗigo, `3840×2160`. Amma yarjejeniyarmu a kan 1080 muka yi, da shi na ɗauka, kuma ba a mayar da ƙaramin hoto babba ya ƙara kyau. Nauyi kawai zai ƙaru. Don ku ga abin da ake magana: fim mai wannan tsawo a 4K, a ma'auni 40, jiga 27 ne. Sai tele mai 4K ce za ta nuna amfaninsa, ita ma sai an zauna kusa. Idan wani biki ya taso kuna son haka, a faɗa tun kafin ranar, don da kamera ake farawa.

Muna son ɗanyen hoton duka, wanda ba a yanke ba. Zai yiwu?

Zai yiwu, amma ku san abin da kuke karɓa. Kamera biyu muka yi aiki da su, abin da suka ɗauka a haɗe ya kai awa 8. Kamera tana rubutawa a ma'auni 50, wato jiga 22 da rabi kowace awa, jimla kamar jiga 180. Wannan ba kayan kile ba ne, sai diski na waje, mai jiga 500 ko fiye, kuma sayensa a kanku yake. Kwafewar ma tana cin lokaci.

Abin da ke ciki ɗaruruwan guntaye ne masu sunan lamba, ba a jere yadda biki ya gudana ba. Akwai inda kamera ke kallon ƙasa muna sauya wuri, akwai inda wani ya gitta, launi ba a gyara ba, muryar liman kuma tana wani fayil daban saboda da ƙaramar na'urar sauti na ɗauke ta. Ba abin zama a kalla ba ne. Amfaninsa shi ne idan wata rana kuna son a sake haɗa wani fim, ko a nemo fuskar wani dattijo da bai fito sosai a wanda na haɗa ba. Wannan dalilin na ƙarshe yana da nauyi a wurina, domin bayan shekaru irin waɗannan fuskoki ne ake dawowa nema. Idan kuna da hali, ku karɓa.

Zan riƙe ɗanyen hoton wata uku daga ranar da kaya suka iso gare ku, daga nan in share don aikin wasu ya samu wuri. Zan kira ku kafin in share.

Kaka tana da na'urar faifai. Za a yi mata DVD?

Za a yi. Faifai mai shafi ɗaya jiga 4.7 yake ɗauka, awa ɗaya da rabi za ta shiga. Amma hoton DVD `720×576` ne, kashi ɗaya cikin biyar na ɗigon cikakken fim. A ƙaramar tele irin ta da ba za a lura ba. Kada dai a ɗauke shi a matsayin ajiya, ƙura da zafi da karce suna saurin kashe faifai.

Yaya za mu tabbatar komai ya iso lafiya?

Zan aiko kilen daga Yamai ta motar safe, a cikin ambulan da aka liƙe, in kira ku da sunan kamfani da lambar saƙo. Idan sun iso, a yi abu uku a ranar, kada a bari sai baƙi sun taru.

A fara duba nauyin kowane fayil a gwada da wanda na rubuta a takardar da ke cikin ambulan. Idan cikakken fim ya nuna jiga 2 ko sifili, kwafi bai kammala ba. Sannan a buɗe kowane fim a ja shi zuwa tsakiya, a ja zuwa mintocin ƙarshe a kalla har ya ƙare. Ƙarshen ne ya fi muhimmanci, saboda matsalar kile mara kyau a can take ɓoyewa. Akwai kile na jabu a kasuwa da aka rubuta musu babban adadi alhali cikinsu ƙarami ne. Kwamfuta za ta nuna kwafi ya tafi daidai, sunan fayil yana nan, nauyinsa yana nan, amma duk abin da ya wuce ainihin cikinta ya lalace, sai fim ya tsaya cak ko ya ƙi buɗewa. Waɗanda zan aiko na cika su na gwada da kaina. Gargaɗin na lokacin da za ku sayi wasu ne don yi wa dangi kwafi: idan farashi ya yi araha fiye da kima, a yi hattara, kuma a gwada ƙarshen fim a kowace kafin a ba mai ita.

Na uku, a saka kilen tele a ainihin telen da za a kalla. Idan ta ƙi, ku ɗauki hoton takardar da ke manne a bayan telen, inda aka rubuta samfurinta, da hoton abin da allo ya nuna, ku turo mini. Da waɗannan biyun yawanci nakan gane matsalar in fitar da wanda zai yi.

Wace ajiya ce ta fi?

Kilen ajiya kada ta fita daga gida. Ranar da ta iso a kwafe ta a kwamfuta ko diski, ita kuma a sa ta a akwati inda rana da zafi ba sa kaiwa. Duk wanda ya zo aro a ba shi ta tele, ko a yi masa kwafi.

Wurin da kile ta fi mutuwa shi ne hannun masu tura waƙoƙi da finafinai a kasuwa da kwamfutocin da kowa ke sokawa. Akwai cutar kwamfuta da ke ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi masu ƙaramar kibiya a madadinsu. Idan kun ga haka kada a danna su, kada kuma a share kilen. Yawanci fim ɗin yana nan a ɓoye, ana iya fito da shi. Haka nan kada a zare kile ana cikin kwafi, kuma idan kuran yana wasa, a yi kwafin a kwamfutar hannu mai batir, don ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu tana iya lalata abin da ke kan kile.

Ita ma kile ba ta dawwama. Bayan shekara ɗaya ko biyu a riƙa fito da ita ana gwadawa, a sake kwafi a sabuwa.

Idan muka ga abin da muke so a gyara fa?

Shi ya sa ba zan fara da manyan fayiloli ba. Jibi in sha Allah zan turo muku kwafin dubawa ta `Document`, ƙarami ƙwarai, `854×480` a ma'auni 1, kamar mega 700, da agogo yana gudu a kusurwar hoto. Hotonsa ba zai yi kyau ba, kada wannan ya tayar muku da hankali, kuma don Allah kada a rarraba shi. Ku kalla tare da Hajiya, duk inda kuke son a cire ko a ƙara ku rubuta lokacin da agogon ya nuna, misali a minti 37 a cire wance, ko sunan wane an rubuta ba daidai ba. Sunayen da na rubuta a farkon fim a duba su harafi-harafi.

Gyara a wannan mataki ba ya cin komai. Bayan na fitar da duka, canza harafi ɗaya yana nufin sake fitar da cikakken fim, da yankansa uku, da kwafin waya, da sake cika kile biyu, aikin yini guda ke nan, ga kuma sake aikowa Tawa. Tare da gyare-gyaren ku haɗo mini da hoton bayan telen falo da ta gidan kaka, ku kuma gaya mini ko za ku karɓi ɗanyen hoton, don in san ko zan sayi diski kafin ranar aikowa.

Na gode, Alhaji. A gaida Hajiya da mutanen gida.